Malmalar Malam Nababa

A Ɗorawar Sabo, wani ƙauye da ke gefen hanyar Bici zuwa Shanono, magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame Magariba za ka ga ana fitowa da kwanuka daga gidaje huɗu na layin masallaci, a jera su kan tabarma a ƙofar gidan Malam Balarabe, a zauna a kewaye. Wannan ita ce ciyayya. Kowa ya sa hannu a kwanon kowa, a yaba miyar da ta yi daɗi, wadda gishiri ya yi wa yawa kuwa a yi shiru a sha ruwa. Tun Malam Nababa yana sabon ango yake zama a wannan tabarma, ga shi har gemunsa ya yi fari fat.

Sai ciwon suga ya same shi. Aka kai shi wani asibiti a Kano, likita ya rubuta ƙwayoyi, sannan ya tura su ofishin wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya, Malama Aina'u. Wadda ta raka shi ita ce autarsa Zakiyya, malamar firamare, wadda ta yi karatunta a Bici, ita ce kuma mai riƙe da kowace takarda ta gidan. Malama Aina'u ta saba yi wa mutanen karkara bayani da dunƙulen hannu, ta ce tuwo kamar haka, shinkafa kamar haka. Zakiyya ta ce ita a faɗa mata da lamba, don hannun wani ya fi na wani girma.

Malama Aina'u ta ji daɗin tambayar. Ta yi mata bayani cewa abinci ya ƙunshi manyan abubuwa uku: sitaci, wanda jiki ke mayarwa suga, da furotin mai gina jiki, da maiƙo. Ta ce a tuwo ko kunu ko fura, Baba ya samu sitaci kamar giram sittin a kowane zama, kada ya wuce sosai, kada kuma ya gaza, saboda ƙwayar da yake sha tana saukar da suga ko ya ci ko bai ci ba. Ta ce garin dawa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sitaci ne. Zakiyya ta rubuta komai, ta fito tana jin kamar an ɗora mata lafiyar mahaifinta a ka, kuma ta yi niyyar ba za ta bari ta faɗi ba.

Da suka dawo gida ta tsare mahaifiyarta a bakin murhu.

"Inna, gari nawa kike zubawa a tuwon dare?"

Inna Barira ta ce, "Kofi goma sha biyu. Sai in da baƙi."

"Yana fitar da malmala nawa?"

"Sha biyar. Ke yau kika fara cin tuwon gidan nan?"

Zakiyya ta ɗauki wayarta ta tambayi kofi ɗaya giram nawa ne. Amsar da ta fara fitowa ita ce ɗari biyu da arba'in. Ta ninka sau goma sha biyu, ta samu dubu biyu da ɗari takwas da tamanin. Ta ɗauki kashi uku cikin huɗu, ta raba gida goma sha biyar. Abin da ya fito ya sa ta salati: sitaci giram ɗari da arba'in da huɗu a malmala guda. Ashe Baba ya daɗe yana cin fiye da ninkin abin da ya halatta masa, kuma wani lokaci har biyu yake tashi da su. Lissafin kansa ba kuskure a ciki, Zakiyya ba ta wasa da lissafi, yara ma tsoron jan bironta suke yi.

Daga ranar rabon Malam Nababa ya koma ƙasa da rabin malmala. Zakiyya da kanta take yankawa da mara, ta sa masa a ɗan kwano, ta zuba miyar kuka a gefe. Kunun safe ma haka aka yi masa, furar rana kuwa ta koma abin da bai fi a jiƙa maƙoshi ba. Inna Barira ta leƙa kwanon ta ce, "Wannan ai ko mage ta ci sai ta nemi ƙari." Zakiyya ta ce lafiyarsa ake nema. Inna ta ce to, ku ne masu boko, ta koma bakin murhunta tana gunaguni ƙasa-ƙasa.

Shi kuwa Malam Nababa ya dubi kwanon, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya daina fita ciyayya. Kwanon gidan yana fita kamar kullum, amma ba mai gidan a bayansa. Da me zai zauna? In ya sa hannu a kwanon mutane ya karya dokar 'yarsa, in kuma ya fita da ɗan abin da aka yanka masa, ya zauna a gefe yana lallaɓa loma huɗu, to ya ba Malam Balarabe abin zolaya har ƙarshen rayuwarsa. Sai ya riƙa dawowa daga masallaci ya shige zaure, ya ci abinsa shi kaɗai, yana jin dariyarsu ta katanga.

Zakiyya takan tambaye shi, "Baba, ka ƙoshi?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ba ƙarya ya yi ba, godiya ga Allah ba ta taɓa zama ƙarya. Amma ba amsar tambayar ba ce, kuma Zakiyya, duk wayonta, ba ta lura ba. Abin da ta lura da shi shi ne rigarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa, kuma mutumin da yake wuni yana noma ya koma yana neman inuwa tun hantsi. Ta ɗauka ciwon ne. Sai ta ƙara tsanantawa, ta kuma hana Inna ba shi ko ƙanzo.

Ranar da abin ya fito fili ana cirar gyaɗa ne. Zakiyya tana cikin aji aka aiko ta zo maza. Ta iske an kwantar da Baba a shagon Hashimu mai kemis, gumi ya jiƙe shi sharkaf, hannunsa na karkarwa, yana kiran Malam Balarabe da sunan yayansa da ya daɗe da rasuwa. Malam Balarabe ne ya gan shi ya zube a bakin gona, ya ɗauko shi a babur. Hashimu ya soki yatsansa ya gwada, ya ga sugan ya faɗi ƙasa sosai, da ya ga yana iya haɗiya sai ya dama sukari a ruwa yana ba shi. A kan haka Zakiyya ta shigo.

"Hashimu, sukari? Kashe shi za ka yi? Ciwon suga fa gare shi!"

Hashimu bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malama, yau ba yawa ya yi ba, ƙarewa ya yi. Ki bari ya sha."

Ba a jima ba idon Malam Nababa ya washe, ya gane mutane, ya tambayi wa ya bar masa fartanya a gona. Malam Balarabe, wanda bai iya ɓoye magana ba ko a gaban sarki, ya juya wajen Zakiyya.

"'Yata, ni ban yi boko ba, amma na san yunwa in na gan ta. Mutumin nan yunwa yake ji. Tare muka tashi da shi, ban taɓa ganin ƙashin wuyansa ba sai bana."

Malam Nababa ya ce, "Balarabe, ka yi shiru. Yarinya tana ƙoƙarinta."

Wannan maganar ta fi ta Malam Balarabe zafi a zuciyar Zakiyya. Ta fita bayan shago ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta kira Malama Aina'u. Ta karanta mata lissafin tun daga farko. Malama Aina'u ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya guda.

"Kofin da Inna take awo da shi, kin taɓa ganinsa?"

Zakiyya ta san shi sarai. Kullum tana ganinsa, yana cikin kwaryar gari tun tana rarrafe. Tsohon gwangwanin madara ne, bakinsa ya lanƙwashe, rubutun jikinsa ya goge.

Malama Aina'u ta ce, "Gobe ki kawo min Baba likita ya duba maganinsa. Ki zo da gwangwanin, da gari, da wake, da cokalin da take ɗiban mai. Yau kuma ki ba shi malmala guda cikakkiya, ni na ce. In Hashimu zai iya, ya sake gwada shi kafin ya kwanta."

Inna Barira ba ta so rabuwa da gwangwaninta ba. Ta ce shekara da shekaru bai taɓa zuwa Kano ba, kada a yar mata da shi a mota. Ta ƙulle shi a leda biyu kamar zinare.

A ofis, bayan likita ya gama da Baba, Malama Aina'u ta fito da ɗan sikeli na kicin, mai lamba a fuska. Ta ɗora wani kofi na roba mai zane-zanen awo, ta danna maɓalli lambar ta koma sifili, don kada nauyin kofin ya shiga lissafi. Ta cika shi da ruwa. Ɗari biyu da arba'in.

"Wannan ce lambar da waya ta ba ki. Ba ta yi miki ƙarya ba, amma nauyin ruwa ta faɗa miki. Kofi ba nauyi yake aunawa ba, wuri yake aunawa. Zubar da ruwan, ki goge shi, ki cika da garinki."

Zakiyya ta cika, ta shafe bakin da bayan wuƙa. Ɗari da ashirin da ɗaya. Ta tsaya tana kallon lambar. Rabi ke nan. Ita da take koya wa 'yan aji biyar bambancin lita da kilo!

"Ba mu gama ba," in ji Malama Aina'u. "Kawo na Inna."

Gwangwanin ya ɗauki ruwa giram ɗari da sittin kacal, wato kashi biyu cikin uku na kofin littafi. Da aka cika shi da gari aka shafe, tamanin. Zakiyya ta ce ai Inna ba ta shafewa, tana ɗibowa ne har ya yi tsororuwa. Suka ɗiba irin na Inna sau uku: casa'in da shida, ɗari da biyar, casa'in da tara. Malama Aina'u ta ce a ɗauka ɗari ne. Wake kuwa, a gwangwanin nan dai, a shafe, ya kai ɗari da talatin, saboda ya fi gari nauyi. Gwangwani ɗaya, nauyi kala-kala.

Zakiyya ta sake lissafin a tsaye. Gari dubu ɗaya da ɗari biyu, sitaci ɗari tara, a raba sha biyar. Sittin. Malmala guda ta Inna ita ce daidai rabon Baba, ita kuwa ta yi ta ba shi abin da bai wuce giram ashirin da biyar ba, ga ƙwaya tana aikinta, ga noma. Ta nemi kujera ta zauna.

"Da hannuna," ta ce. "Da hannuna nake yanka masa."

Malama Aina'u ta jawo kujerarta kusa. "Ki saurare ni. Ni na ba ki lamba ban tambaye ki da me ake awo a gidanku ba, wannan nawa ne. Ke kuma kin tambayi waya ba ki tambayi gwangwani ba. Mun raba. Allah ya kiyaye, ga Baba can yana yi wa ma'aikatanmu labarin gyaɗa. Yanzu tashi mu auna mai, don ina zargin can ma akwai magana."

Akwai kuwa, amma ta ɗaya ɓangaren. Zakiyya ta rubuta man gyaɗa cokali uku a miya, ta lissafa kowanne giram goma sha huɗu kamar yadda cokalin awo yake. Cokalin Inna kuwa babban cokalin zuba miya ne, ya ɗauki talatin da biyar. Sitacin ta ninka shi fiye da biyu, maiƙon kuma ta rage shi fiye da rabi. Wannan karon har Zakiyya sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Malama Aina'u ta gargaɗe ta da abu biyu. Na farko, lambar ɗanyen gari ta ɗanyen gari ce, kada ta ɗora ta a kan tuwo, domin tuwo ya sha ruwa, kuma ruwa yana ƙara nauyi ba ya ƙara sitaci. Na biyu, malmala ba duka ɗaya ba ce, kuma tuwon yau ba lallai ya yi taurin na jiya ba. Ta ce ta auna garin duka kafin ya shiga tukunya, ta auna tuwon duka bayan an kwashe, ta raba, ta ga abin da giram ɗari na tuwon ya ƙunsa. In ta yi haka wasu 'yan lokuta, ta san hannun Inna. Sannan ta naɗe sikelin a jarida ta miƙa mata.

"Nawa ne na gida, ba na asibiti ba. Ki riƙe har ku samu naku."

Zakiyya ta karɓa da hannu biyu. Ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta yi niyya ba, Malama Aina'u ta ɗago ta tana cewa haba ƙanwata. A mota har suka wuce Dawanau Zakiyya tana yi mata addu'a a zuci, ita da iyayenta da 'ya'yanta.

Da yamma aka kafa sikeli a kan turmi da aka kifa. Inna Barira ta ce ita dai a tarihin gidansu ba a taɓa yi wa tuwo awo kamar jariri ba. Amma ta tsaya, ta ɗibo gwangwani goma sha biyu a roba, aka auna, ya fito dubu ɗaya da ɗari biyu ba kaɗan. Ta yi talge da wani kaso, ya nuna, ta zuba sauran tana tuƙawa da muciya, tana cewa a matsa mata kada lissafi ya ƙona mata tuwo. Da ta kwashe, Zakiyya ta riƙa auna malmala biyar-biyar a faranti, don sikelin ba zai ɗauki tukunya ba. Jimla ta kama kusan dubu huɗu da ɗari biyar. Sitaci ɗari tara a cikin wannan, wato ashirin a kowane giram ɗari. Rabon Baba tuwo giram ɗari uku.

Suka ɗora malmala ɗai-ɗai. Wata ɗari biyu da tamanin, wata ɗari uku da talatin, wata daidai. Inna ta ɗauki wadda ta yi daidai ta juya ta a hannu.

"To ai wannan ita ce wadda nake ba shi tun kafin a haife ki."

"Biyu kike ba shi, Inna. Da ƙanzo."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Shi ke nan, ɗaya. Amma ɗaya ta mutunci."

Jikin Malam Nababa ya fara dawowa. Hashimu yana gwada shi lokaci-lokaci, lambar ta daina faɗuwa, ba ta kuma yi sama ba. Ya koma gona a kan kari, aka gama cirar gyaɗa da shi. Sai dai har yanzu a zaure yake cin tuwonsa. Zakiyya ta ce masa ai yanzu kwanonsa ba abin kunya ba ne, ya fita da shi. Ya girgiza kai.

"Ba ki gane ba, Auta. Ciyayya ba kowa da kwanonsa ba ne. In na zauna ina cin na gidana ni kaɗai, na ce tuwon gidan Balarabe bai isa in ci ba ke nan. In kuma na ci nasu, ke kin san nauyinsa?"

Ba ta sani ba. Gidan Malam Balarabe tuwon masara suke yi mai tauri, gidan Malam Sha'aban sun fi son na gero, gidan liman kuwa ran Juma'a sai tuwon shinkafa. Kowace tukunya da hannun da ke tuƙa ta. Zakiyya ta yi ta juya abin a ranta ba ta ga mafita ba. Ba za ta shiga gidajen iyayenta da sikeli ta ce a buɗe mata tukunya ba, wannan rashin kunya ne. Ta ci gaba da kallon mahaifinta yana ƙoshi amma ba ya walwala.

Ba ta san Inna Barira ta kai maganar gidan suna ba. Ba ta kuma san Malam Balarabe ya shiga gidansa ya yi ta faɗa cewa tabarma ta yi masa faɗi, ba wanda yake musu da shi yadda ya kamata. Ita dai ranar Asabar da la'asar tana shara sai ta ji sallama. Inna Nana ce, matar Malam Balarabe, da ƙullin garin masara a ka da wani kofin silba a hannu. A bayanta matar Malam Sha'aban da ludayin duma, a bayanta kuma uwargidan liman da gwangwanin tumatir babba.

Inna Nana ta ce, "An ce kina da na'urar da ke faɗin gaskiyar tuwo. To ga namu, a auna. Amma in kika faɗa wa Barira gari nawa nake zubawa, ni da ke ne."

Zakiyya ta tsaya da tsintsiya a hannu. Matan nan duk sun goye ta tana ƙarama. Ga su sun ɗauko abin da mace ba ta cika nuna wa kowa ba, sun kawo mata har gida, don kawai Baba ya koma cikin 'yan'uwansa.

Aikin bai ƙare a ranar ba. Kofin silbar ya ɗauki gari fiye da gwangwanin Inna, ludayin bai kai shi ba, gwangwanin tumatir kuwa ya kai kusan uku na Inna. Zakiyya ta riƙa bin gidajen da yamma, gida ɗaya a rana, ta auna gari kafin ya shiga, ta auna tuwo bayan ya fito, tana neman lambar kowane hatsi daban. Na gero ya zo kusa da na gidansu. Na shinkafa ya ɗan ɗara. Na Inna Nana, da yake ba ta sa ruwa da yawa, ya kai ashirin da biyar a giram ɗari. Inna Nana ta ce wannan ai shaida ce cewa nata ne tuwo, saura kunu ne. Zakiyya ta kira Malama Aina'u ta karanta mata duka, ita kuma ta ce tunda sun yi kusa da juna, a tsayar masa da giram ɗari biyu da saba'in in za a gauraya, kuskuren da zai rage ba mai cutarwa ba ne. Aka samo ɗan kwanon da ke cika daidai da hakan. Aka gwada shi da kowane tuwo a kan sikeli, aka tabbatar.

Ranar da zai fita, Malam Nababa ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bayan Magariba ya ɗauki kwanon, babu komai a ciki, ya nufi tabarma. Zakiyya ta laɓe a zaure, Inna Barira a bayanta tana cewa ita ba leƙe ta zo yi ba.

Malam Balarabe ya ɗago kai. "A'a! Wa nake gani kamar Nababa? Mun ɗauka ka yi ƙaura ne zuwa zaure."

"Na dawo in ga ko ka koyi cin tuwo ba tare da ka zubar a gemu ba."

Aka yi dariya, aka matsa masa wurinsa. Malam Balarabe ya karɓi kwanon, ya wanke hannu, ya yanko daga tuwon gidansa ya sa. Malam Sha'aban ya yanko nasa. Liman ya yanko nasa, ya ce bismilla. Aka cike da na gidan Malam Nababa har ya zo baki, Malam Balarabe ya duba ta gefe kamar mai awon hatsi a kasuwa, ya rage wata 'yar loma ya jefa a bakinsa, ya ce doka doka ce. Miya kuwa Malam Nababa ya riƙa tsoma lomarsa a ta kowa. Kafin a gama har sun fara musu a kan ko ruwan bana ya fi na bara, muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Sai bayan Isha'i ya shigo. Zakiyya ta taso ta karɓi kwanon. Ba ta tambaye shi ko ya ƙoshi ba, ta daina wannan tambayar tun ranar kemis. Shi ne ya tsaya a tsakar gida, ya kira ta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gobe ki kira min matar nan ta asibiti, ina so in yi mata godiya da bakina. Su Nana kuma zan shiga da kaina." Ya dube ta. "Ke ma Allah ya ba ki masu yi miki. Ko lokacin da nake kwana da yunwa, na san don ni kike yi."

Wannan ne karon farko da ya ambaci yunwar. Zakiyya ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kwanon da ke hannunta. Malam Nababa ya dafa kanta.

"Haba, share. Yau na ƙoshi."